Wace sa'a ce ta fi dacewa da ɗora tallar turare? Neman taimako kan lissafin Python

Nasiru Runjin Sambo:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni nake kula da shafin Fesbuk na goggona, wadda ke sana'ar turaren wuta da humra a nan Sakkwato, kuma ta daɗe tana tambayata ko akwai lokacin da ya fi kyau a riƙa ɗora hotunan kaya. Da yake na ɗan fara koyon Python, sai na sauke bayanan shafin daga Meta Business Suite, tun daga Janairu har ƙarshen Oktoban 2025, na sami wallafa 212. Na haɗa layik da tsokaci da yaɗawa na kira su martani, sannan na nemi matsakaicin kowace sa'a kamar haka:

```python
import pandas as pd
df = pd.read_csv("posts.csv")
df["lokaci"] = pd.to_datetime(df["Publish time"])
df["martani"] = df["Reactions"] + df["Comments"] + df["Shares"]
print(df.groupby(df["lokaci"].dt.hour)["martani"].mean())
```

Abin da ya fito ya ɗaure mini kai. Wai ƙarfe 5 na asuba ce ta fi kowace sa'a, da matsakaicin 340, alhali mafi yawan sauran ba su kai 100 ba. Ni kuwa ban tuna ranar da na ɗora wani abu da ƙarfe 5 na asuba ba, domin ko a watan azumi da nake ɗorawa lokacin sahur, kafin biyar nake yi. Ina neman wanda zai duba mini inda na yi kuskure kafin in je in gaya wa goggo ta riƙa tashina da kiran assalatu.

Aminu Mabera:
Wa alaikumus salam. Nasiru, ba sai ka wahalar da kanka da lissafi ba, domin kowa ya san cewa bayan sallar isha'i ne mutanen garin nan ke zama su riƙe waya. Daga takwas zuwa goma na dare, shi ke nan. Biyar ɗin nan da ka gani, ina jin fayil ɗin ne ya lalace wajen saukewa, sai ka sake sauke shi.

Malama Saratu:
Ba na jin fayil ɗin ya lalace, kuma ko ya sake saukewa sau goma abin da zai samu ke nan. Nasiru, kafin ka taɓa layi ɗaya na Python, yi mini wani ɗan aiki da hannu. Zaɓi wallafa biyu waɗanda ka tabbatar da lokacin da ka ɗora su, ɗaya daga Janairu ko Fabrairu, ɗaya kuma daga watannin damina, ka buɗe su a wayarka ka ga sa'ar da wayar ke nunawa, sannan ka nemo su a cikin fayil ɗin ka ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin `Publish time`. Ka faɗa mana lambobin huɗu duka.

Nasiru Runjin Sambo:
Na duba, Malama. Ta ranar 14 ga Yuni, wayata ta ce ƙarfe 1:20 na rana, fayil kuma ya ce 05:20. Ta Janairu kuwa na ɗora ta da 8:30 na dare, amma a fayil 11:30 na safe ce. Na farko bambancin sa'a takwas ne, na biyu sa'a tara. Yanzu na ƙara rikicewa, domin da a ce bambancin ɗaya ne da na ƙara shi kawai na huta.

Malama Saratu:
To, ai ka riga ka gano ɓarawon da kanka. Fayil ɗinka yana tafiya ne da agogon yammacin Amurka, inda hedikwatar kamfanin take, ba da agogon Najeriya ba. Mu nan agogonmu ba ya motsi, kullum yana gaban na Girinwic da sa'a ɗaya, amma su can suna tura nasu gaba da sa'a ɗaya a cikin Maris, su mayar da shi baya a farkon Nuwamba. A 2025 sun tura shi ranar 9 ga Maris, shi ya sa wallafar Janairu ta ba ka tara, ta Yuni ta ba ka takwas. Da ka ƙara takwas ga kowa da kowa, da duk abin da ka ɗora kafin wannan rana ya faɗa cikin sa'ar da ba tasa ba, kuma babu wani saƙon gargaɗi da Python zai nuna maka. Bari `pandas` ya yi aikin, tun da ya san ranakun canjin:

```python
df["lokaci"] = (df["lokaci"]
    .dt.tz_localize("America/Los_Angeles")
    .dt.tz_convert("Africa/Lagos"))
df["saa"] = df["lokaci"].dt.hour
print(df.groupby("saa")["martani"].agg(["count", "mean", "median"]))
```

`tz_localize` yana gaya wa na'ura agogon da aka rubuta lokacin da shi, `tz_convert` kuma yana juya shi zuwa namu. Wanda zai kwafi wannan don nasa shafin, kada ya ɗauka cewa nasa fayil ɗin ma dole haka yake. Ya yi gwajin wallafa biyun nan tukuna. Ka lura kuma na ƙara `count` da `median`, ina da dalili. Gaya mini wallafa nawa ce a cikin sa'ar nan da ta zo ta ɗaya.

Nasiru Runjin Sambo:
Allah ya saka da alheri, yanzu sa'o'in sun yi kama da rayuwata: mafi yawa tsakanin takwas da goma na dare, sai kuma na safe wajen tara. Ƙarfe 5 ɗin nan ta koma ƙarfe 1 na rana. Wallafa huɗu ce kacal a cikinta, kuma martaninsu shi ne 55, 62, 63 da 1,180. `mean` ya ba da 340, `median` kuma 62.5. Mai 1,180 ɗin ita ce ta 14 ga Yuni, ranar da goggo ta ce za ta ba da kyautar kwalbar humra uku ga waɗanda suka ambaci ƙawayensu a tsokaci. Har yanzu ina tuna yadda wayar ta yi zafi a hannuna ranar.

Hajiya Luba:
Sannunku da aiki, 'ya'yana. Ni atamfa da leshi nake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma na bi bayanin nan daga farko ko da yake rubutun Turancin ya fi ƙarfina. Abin da na fahimta shi ne ƙarfe ɗaya na rana ta fi, ko ba haka ba? Domin ni ma idan na sa kaya a Watsaf bayan azahar nakan sami masu tambaya. In haka ne sai in gaya wa yarinyar shagona ta daina sawa da dare.

Malama Saratu:
A'a Hajiya, kada ki gaya mata haka. Ba ƙarfe ɗaya ce ta tara mutanen ba, kyautar humra ce, kuma da an sanar da ita da hantsi ko da magariba da sun taru haka nan. Kwatancinsa kamar a ce mata huɗu sun shigo shagonki, uku sun sayi ɗankwali ɗaya-ɗaya, ta huɗu ta haɗa lefe gaba ɗaya. Idan kika tara kuɗin kika raba huɗu, za ki ce kowace mace da ke shigowa a wannan lokaci tana kashe kuɗi mai yawa, alhali kin san ba haka ba ne. Wannan rabon shi ne `mean`. Shi kuwa `median` jera su yake yi daga ƙarami zuwa babba ya ɗauki na tsakiya, don haka mai lefe ba ta iya janye shi. Martanin shafukan sada zumunta kusan kullum haka yake, yawanci ƙanana sai ɗaya ko biyu da suka tashi sama, shi ya sa na tsakiyan ya fi faɗin gaskiya. Sannan lissafin Nasiru na mabiyan shafin goggonsa ne a Fesbuk, naki masu sayen kuma wasu ne daban a wata manhaja daban.

Nasiru, akwai matsala ta biyu da ta fi wannan girma. Wallafa 212 idan ka watsa su cikin sa'a 24, wasu sa'o'in za su tashi da biyu ko uku, kuma na tsakiyan abu uku ba shaida ba ce. Haɗa su zango-zango:

```python
df["zango"] = pd.cut(df["saa"], bins=[0, 6, 11, 16, 20, 24], right=False,
    labels=["tsakar_dare", "safe", "rana", "yamma", "dare"])
print(df.groupby("zango")["martani"].agg(["count", "median"]))
```

Kada ka yi ta matsar da iyakokin nan har sai ka sami sakamakon da ya yi maka daɗi. Tsayar da su kafin ka ga lambobin, ka bar su a haka.

Nasiru Runjin Sambo:
Ga abin da ya fito. Tsakar dare wallafa 9, na tsakiya 120. Safe 55, na tsakiya 62. Rana 30, na tsakiya 57. Yamma 36, na tsakiya 74. Dare 82, na tsakiya 88. Na tsakar daren nan tara duk na sahur ne, babu ko ɗaya a wajen azumi.

Aminu Mabera:
To Malama, kin gani ko? An sha zagaye an dawo inda na tsaya tun farko. Idan aka cire na sahur, dare ne a gaba da rata mai faɗi, 88 da 62. Abu ɗaya kawai zan ƙara, wanda na koya lokacin da nake kula da shafin wani shagon waya: bai kamata a ƙirga martani tsurarsa ba, a raba shi da `Reach`, wato yawan waɗanda suka ga wallafar, domin shafin da ke da mabiya dubu ɗaya a Janairu ba shi ne mai dubu uku a Oktoba ba.

Malama Saratu:
Malam Aminu, ciwon da ka hango gaskiya ne, maganin ne ban yarda da shi ba. Idan sa'ar ɗorawa tana da wani tasiri, babbar hanyar da take bi ita ce ta yawan waɗanda suka gani: an ɗora lokacin da mutane ke riƙe da waya, sun taɓa da wuri, manhajar ta ƙara nuna wa wasu. Idan ka raba da `Reach`, ka goge ainihin abin da muke nema da hannunka. Wallafar da mutum 200 suka gani 30 suka taɓa za ta zo gaban wadda 2,000 suka gani 150 suka taɓa, kuma ba na jin goggon Nasiru za ta zaɓi ta farkon. Rabon da kake nufi yana auna kyawun abin da aka ɗora ne, ba kyawun lokacin ba.

Girman shafi kuwa yana ruɗar da lissafi ne idan al'adar mai ɗorawa ta canja a tsakiyar shekara, misali a ce da safe yake ɗorawa lokacin da mabiya ke kaɗan, ya koma dare bayan sun yi yawa. Ana gane wannan da `pd.crosstab` tsakanin wata da zango. In an ga haka, sai a raba martanin kowace wallafa da na tsakiyan watan da ta fito, ta yadda za a gwada ta da sa'anninta.

Game da azumi, ba na sahur tara kaɗai za a cire ba. An ɗauki azumin 2025 ranar 1 ga Maris, aka yi salla ranar 30, kuma a cikin watan nan barcin mutane da girkinsu da sayayyarsu duk sun sauya, musamman ga mai sayar da turare gab da salla. A ware Maris gaba ɗaya, a yi masa nasa lissafin idan wani azumin ya matso. Amma tambayar da ta fi damuna ita ce wannan: Nasiru, abin da kake ɗorawa da safe da wanda kake ɗorawa da dare iri ɗaya ne?

Nasiru Runjin Sambo:
Na duba watannin, safe da dare duk suna nan a kowane wata, ba a sami sauyin al'ada ba. Amma tambayarki ta ƙarshe ta kama ni, Malama. Bidiyo kusan kullum da dare nake sa shi, saboda da la'asar goggo ke haɗa turare ina ɗauka, sai bayan isha'i in yanke in ɗora, lokacin ma sabis ya fi ɗan sauƙi a unguwarmu. Da safe kuwa hoton kwalabe ne da farashi. Bayan na cire Maris sai saura 185, na raba su da `Post type`. A hotuna, safe 45 ne na tsakiya 60, dare 20 ne na tsakiya 66. A bidiyo, safe 6 ne na tsakiya 85, dare 52 ne na tsakiya 94.

Malama Saratu:
Ka ga inda ratar ta tafi. Ashirin da shida muka gani da farko, amma da aka gwada hoto da hoto sai ta koma shida. Mafi yawan abin da muka ɗauka albarkar dare ce, ashe albarkar bidiyo ce, kuma ko bidiyon safe shidan nan sun fi hotunan dare nesa ba kusa ba, ko da yake shida ba adadin da za a jingina da shi ba ne.

Saura mu tambayi ko shidan da ta rage wani abu ce ko kuwa dace ne kawai. Akwai hanya mai sauƙin fahimta. Ɗauki hotunan 65, ka cakuɗa martaninsu kamar yadda ake cakuɗa ƙuri'a a cikin hula, ka raba 20 ka kira su dare, 45 ka kira su safe, ba tare da la'akari da ainihin lokacinsu ba, ka ga ratar da za ta fito. Maimaita sau dubu. Idan cakuɗawar banza tana yawan haifar da ratar shida ko fiye, to ratar da ka gani ba ta da wani abin faɗi.

```python
import numpy as np
x = hoto["martani"].to_numpy()
dare = (hoto["zango"] == "dare").to_numpy()
n = 0
for _ in range(1000):
    y = np.random.permutation(x)
    n += abs(np.median(y[dare]) - np.median(y[~dare])) >= 6
print(n)
```

A nan `hoto` yana nufin hotunan safe da na dare kaɗai, ban da na rana da na yamma.

Nasiru Runjin Sambo:
Na gudanar da shi sau uku, ya ba ni 312, 298 da 305.

Malama Saratu:
Wato kusan sau uku cikin goma, dace kaɗai yana iya kawo irin wannan rata. Ba a ce dare bai fi ba. An ce bayanan da ke hannunka ba su isa su nuna haka ba.

Aminu Mabera:
Na karɓi maganar bidiyo, ban yi tunaninta ba. Amma ina da ja a kan zangon kansa. Mutumin Sakkwato ba da agogon bango yake tsara yammacinsa ba, da salla yake tsara shi. A Nuwamba ana kiran magariba jim kaɗan bayan ƙarfe shida, a Yuli kuwa sai an wuce bakwai, kusan sa'a guda ke nan tsakani. Saboda haka ƙarfe 8 na dare a damina mutane na sahun isha'i ko suna shirinta, a lokacin sanyi kuwa sun riga sun idar sun ci tuwo. Zangon da ya fara daga 20 ya haɗa masu salla da masu hira wuri ɗaya, kuma ina zargin wannan ne ya rage wa dare ƙarfi a lissafin. Da a ce an auna minti nawa ne bayan isha'i aka ɗora kowace wallafa, da wataƙila ratar ta fi shida.

Malama Saratu:
Wannan hujja ce mai kyau, kuma ba zan iya ture ta ba. Ana iya yi: a samo jadawalin lokutan salla na garin nan, a haɗa shi da fayil ɗin ta kwanan wata da `merge`, a cire lokacin isha'i daga lokacin ɗorawa. Abin da ke hana ni zumuɗi shi ne hotunan dare 20 ne kawai, idan aka sake tsaga su gida biyu sai a koma matsalar ƙarfe ɗaya na rana. A bidiyo 52 ɗin ne za a iya gwada ra'ayinka, in Nasiru na da juriyar shigar da jadawalin.

Alhaji Shehu Kara:
Ni tsoho ne a harkar fata, takalma da jakunkuna nake aikawa Kano da Abuja, kuma ɗana ne ke riƙe mini shafin. Ina da tambaya ɗaya ga Malama. Duk lissafin nan na masu danna hoto ne. A wurina, wallafar da ta fi tara tsokaci ba ita ce ke kawo kuɗi ba. Matasa ne ke yabawa da dare su wuce, masu saye kuwa da safe suke kira, galibi a ƙarshen wata idan albashi ya shiga. Shin goggon yaron nan layik take nema ko ciniki?

Malama Saratu:
Ranka ya daɗe, ciniki take nema, kuma fayil ɗin nan bai san komai game da ciniki ba. Ko kiran safen da kake samu, mai yiwuwa ne mai kiran ya ga kayan tun daren jiya ya bari gari ya waye, don haka lokacin kira ba ya nuna lokacin gani. Ba a warware wannan sai an riƙa tambayar mai saye wane hoto ya gani, a rubuta a littafi.

Nasiru, ga abin da zan yi da ni ce kai. Tsohon bayani ya kai iyakarsa, domin kai ne ka zaɓi lokutan da kanka, kuma zaɓinka ya cakuɗe da nau'in kaya. Yi gwaji na mako shida da hoto ɗaya kowace rana, irin na kwalba da farashi. Shirya hoton da rubutunsa tukuna, sannan ka bar `random.choice(["09:00", "21:00"])` ya zaɓa maka lokaci, ka tsara shi a Meta Business Suite ya fita da kansa. Jerin nan yana da muhimmanci, domin idan ka san na dare ne kafin ka zaɓi hoto, hannunka zai kai ga mafi kyau ba tare da ka sani ba. Na sa tara na dare maimakon takwas saboda maganar Malam Aminu. Kada a yi rabon kyauta ko tallar kuɗi a cikin makonnin, kuma ka ƙirga martanin kowace wallafa bayan ta cika kwana bakwai daidai, don kada tsofaffi su fi sababbi saboda shekaru kawai. Wallafa 42 ke nan, wajen 21 kowane ɓangare, kuma wannan zai nuna bambanci ne kawai idan babba ne.

Nasiru Runjin Sambo:
Na rubuta duka, Malama, kuma zan ajiye littafin da Alhaji ya jawo maganarsa kusa da goggo. Matsala ɗaya ita ce bidiyon da nake sawa da dare ba zan iya dakatar da su mako shida ba, goggo ba za ta yarda ba. Idan hoton gwaji ya faɗa tara na dare a ranar da akwai bidiyo, ba za su ci kasuwar juna ba?

Malama Saratu:
Za su iya, kuma hakan zai danne ɓangaren dare shi kaɗai. Mayar da bidiyon zuwa la'asar ɗin washegari a tsawon gwajin, kullum a lokaci ɗaya, ka ƙara gurbi a fayil ɗinka da ke nuna ranar da aka sa bidiyo da ranar da ba a sa ba.

Aminu Mabera:
Ni dai ina nan a kan bakana cewa dare zai ci. Nasiru, turo mini bidiyo 52 ɗin da kwanakinsu, akwai jadawalin salla na bana manne a bangon shagonmu, zan shigar da lokutan isha'in da kaina daren yau.